Hoton kan Baba da aka manna a jikin taga

Nura: Salamu alaikum jama'a. Don Allah likitocin gidan nan ku duba mana wannan. Hoton kan Baba ne da aka yi jiya, sitisikan. Yau kwana 16 da ya zame a banɗaki kansa ya bugu, ya tashi da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu. Sai a makon nan ya fara kukan ciwon kai da yawan barci. Ƙanena Sani ne ya ɗauko mini fim ɗin da wayarsa, ni ina Kaduna wurin aiki. Sun ce takardar sakamako sai jibi. Ni dai da idona ban ga komai ba. Lafiya lau ne?

Alhaji Tanko: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Dakta Binta, ga naki ya zo.

Dakta Binta: Wa alaikumus salam. Nura, sannu da jinya. Kafin maganar hoto: shekarun Baba nawa, yana shan wani maganin tsinka jini, kuma tafiyarsa ko maganarsa ta canza?

Nura: Shekara 71, Anti. Yana shan asfirin kullum tun da aka ce yana da hawan jini. Sani ya ce tun shekaranjiya yana ɗan jan ƙafar dama, mun ɗauka ciwon gwiwarsa ne.

Dakta Binta: To kada ku jira jibi. Sani ya mayar da shi asibiti yau, sashen gaggawa, ya faɗa musu abubuwan nan huɗu kamar yadda ka faɗa mini: faɗuwar, asfirin, barcin, da jan ƙafar. Ya roƙi a buɗe hoton a kwamfutarsu a duba yanzu. Amma "lafiya lau" da kake nema, ba zan iya faɗa maka ita daga wannan hoton ba. Kuma ba don na ga mugun abu ba ne. Abin da nake tsoro a mutum irin Baba, wannan hoton ba zai iya nuna mini ko yana nan ko babu shi ba.

Alhaji Tanko: Ikon Allah. Ke da aikinki ke nan safe da yamma, karatun hoto? Ni na ɗauka kallo ɗaya za ki yi masa. Ko dai tsoron ɗaukar alhaki ne irin naku na likitocin yanzu?

Habu Mai Waya: Alhaji, ba laifinta ba ne, laifin WhatsApp ne. Ni nan sana'ata ce. In ka tura hoto kai tsaye, matse shi yake yi, ya rage shi zuwa wajen ɗigo 1600 a dogon gefe. Nura, ka ce wa Sani ya sake turowa amma ya zaɓi Document, shi ke nan zai zo yadda kyamara ta ɗauke shi. In wayarsa ƙarama ce ya ari mai kyamara megafiksel 108. Za ta fi na'urar asibitin ma fitar da shi tas.

Garba Eksire: Habu, rabin maganarka gaskiya ce, bari in taya ka lissafin ma. Fim ɗin nan na Baba layi biyar ne, kowane layi hoto huɗu, ashirin ke nan a falle ɗaya. Kowane hoto a cikinsu na'ura ta yi shi da ɗigo 512 a tsaye, 512 a kwance, ɗigo ɗaya kusan rabin milimita na kan mutum. Raba 1600 gida biyar, ka samu 320. Kuma Sani ya haɗa da labule da ƙarfen taga, don haka kowane hoto bai fi ɗigo 250 ya samu ba. Rabi ya tafi a kowane gefe. A nan Document zai taimaka. Amma ko kyamarar da ake ɗaukar wata da ita ka kawo, abin da ba a buga a jikin fim ba ba za ta ɗauko shi ba.

Habu Mai Waya: Kamar me? Ai fim shi ne hoton.

Garba Eksire: A'a, fim tsakure ne. Ni nake zama a gaban na'urar. In na yi wa mutum hoton kai, yanka-yanka yake fitowa kamar an yanka albasa. Masu kaurin milimita 5 su kai wajen talatin, siraran kuwa na milimita 1 sun haura ɗari. Ni nake zaɓar waɗanda za su shiga fim. Wataƙila ma falle biyu aka ba Sani ya ɗauki ɗaya.

Dakta Binta: Yawwa Malam Garba. Amma babbar matsalar ba yawan yankan ba ce. Alhaji, ka ba ni aron kunnenka, don tambayarka tana kan hanya.

Na'urar nan asali ba hoto take ajiyewa ba, lambobi take ajiyewa. Kowane ɗigo tana auna yadda ya tare hasken, ta ba shi lamba. Ruwa sifili ne. Iska 1000 ƙasa da sifili. Ƙashi daga ɗaruruwa zuwa sama da 1000. A allo za ka ga an rubuta HU a gefen lambar, sunan Hounsfield ne, Baturen Ingila da aka fara gwada na'urarsa a kan majinyaci a 1971. Matakan awon sun kai dubu huɗu da ɗoriya. Ido kuwa ba ya iya rarrabe launin toka dubu huɗu, ko ɗari ma da ƙyar. Saboda haka sai mu zaɓi ɗan yanki daga cikin lambobin mu ce wa kwamfuta: wannan kaɗai za ki shimfiɗa mana daga baƙi zuwa fari.

In ƙwaƙwalwa nake son gani, sai in zaɓi daga 0 zuwa 80, saboda naman ƙwaƙwalwa yana tsakanin 25 da 40. Duk abin da ya haura 80 fari fat zai fito, duk abin da ya gaza sifili baƙi ƙirin. In karayar ƙoƙon kai nake nema, sai in buɗe shi ya kai faɗin dubu biyu ko fiye, ƙwaƙwalwar ta zama toka ɗaya, ƙashin ya bayyana. A kwamfuta da jan linzami kawai nake sauya wannan, sau goma a kan yanka ɗaya in na so. A fim kuwa an riga an zaɓa an buga. In an tuƙa tuwo ba a mayar da shi gari.

Garba Eksire: Mu a wurin aiki windo muke ce wa wannan zaɓin, ba irin tagar da Sani ya manna fim ba. Nura, in ka zuƙo kusurwar ɗaya daga cikin hotunan za ka ga W 80 da L 40 ko kusa da haka. Shi ne faɗin da tsakiyar da Dakta take nufi.

Nura: Na zuƙo, Malam Garba, amma rubutun ya dame, kuma kamar a juye yake. Irin na madubi.

Garba Eksire: Af! To ta baya ya manna fim ɗin. Ka ga wata kuma. A ƙa'ida damar majinyaci tana fitowa a hagun mai kallo, kamar yana fuskantarka, kuma akwai harafin R da L a gefe. In an juya fim, an kuma yanke harafin ko ya dame, ko an ga abu ba a san a wane ɓangare yake ba. A maganar kai wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda hagun ƙwaƙwalwa ke juya damar jiki.

Dakta Binta: Yanzu in dawo kan Baba. Dattijo ƙwaƙwalwarsa takan ɗan janye daga ƙoƙon kai, sai ƙananan jijiyoyin da suka ratsa tsakani su miƙe. Ɗan bugu kaɗan sai ɗaya ta tsage, jini ya riƙa tsattsafowa a hankali yana kwanciya tsakanin ƙwaƙwalwa da mayafinta. Asfirin yana ƙara masa hanya. Shi ya sa mutum zai tashi garau, sai bayan mako biyu ko uku ya fara barci da jan ƙafa.

Shi wannan jinin launinsa a hoto yana canzawa da kwanaki. Sabo, wanda ya daskare, lambarsa wajen 60 zuwa 70, fari yake fitowa, ko ɗan makaranta zai nuna shi in yana da yawa. Bayan wata guda ko fiye ya narke, ya koma duhu-duhu, shi ma a ganshi. Amma a tsakani, wajen mako ɗaya zuwa uku, yana bi ta kan lambar naman ƙwaƙwalwa daidai, 30 da wani abu. Launinsu ɗaya. Baba kwanansa 16. A irin wannan lokaci ba jinin nake nema kai tsaye ba, sawunsa nake bi: ko ƙananan kwaruruwan saman ƙwaƙwalwa sun shafe a gefe ɗaya, ko iyakar da ke tsakanin naman toka da fari ta matso ciki, ko layin tsakiya ya goce. Bambancin naman toka da fari kansa bai fi lamba goma ba. A hoton Sani, hasken rana ya fi ƙarfi a saman fim, ƙasan ya yi duhu, ga inuwar ƙarfen taga ta ratsa layi na uku. Bambancin hasken da taga ta kawo ya ninka wanda nake nema sau da yawa. To da me zan rantse?

Alhaji Tanko: To na ji wannan. Na janye maganar tsoro, Hajiya, a yi haƙuri.

Maman Fati: Salamu alaikum, sannunku da ƙoƙari. Tunda ana duba hotuna yau, ga nawa eko da na yi nan Maradi wancan mako, wata biyar. Dakta don Allah mace ce ko namiji? Kuma mai yin ya ce akwai ɗan ƙari a mahaifa, babba ne?

Dakta Binta: Maman Fati, Allah ya raba lafiya. Ba duba hotuna ake ba, cewa nake ba su dubuwa! Naki ma ya fi na Baba wuya. Shi eko, ko sikanin kamar yadda muke cewa a nan, a hannun mai yi yake. Yana juya abin a kan ciki yana kallo yana motsi, minti goma ko ashirin, sai ya tsayar da wuri biyu ko uku ya buga a 'yar takardar nan. Abin da ya gani shi ne gwajin, takardar shaida ce kawai. A naki kan jariri nake gani da layin awo, ba a ma nufi wajen da kike tambaya ba. Girman ƙarin yana cikin abin da ya rubuta, da santimita. Ki kai wa mai duba ki a awo.

Maman Fati: To, na gode. Ni dai na ƙagu ne in san irin kayan da zan saya.

Malam Isuhu: Ni fa ina da ja, Dakta, da girmamawa. Ku kuna birni, kwamfuta a gabanku. Ni shekara goma sha ina aiki a ƙaramin asibitin karkara, mai karanta hoto mafi kusa da mu tafiyar awa uku ce a mugun titi. Da wayar nan muke rayuwa. Yaro ya faɗo daga kan mangwaro, aka yi eksire a garin da ke kusa, na ɗauka na tura wa likitan ƙashi, cikin minti biyar ya ce cinya ta karye, ga yadda za a ɗaure a taho da shi. Wata mata kuma rabin ƙirjinta fari fat, aka ce ruwa ne, aka tura ta. In muka ce sai sidi sai kwamfuta, mutane za su mutu suna jiran ingancin hoto.

Dakta Binta: Malam Isuhu, ban ce a daina ba, ni ma ana turo mini kullum kuma ina amsawa. Amma duba misalanka biyu. Ƙashin cinya ya rabu gida biyu. Rabin ƙirji ya cika da ruwa. Manyan abubuwa ne, kuma amsar duka biyun "akwai" ce. Hoton waya yakan iya cewa akwai. Abin da ba ya iyawa shi ne cewa babu. In na ga karaya a hoton waya, karaya ce. In ban gani ba, ban sani ba ko babu ita ne ko wayar ce ta haɗiye ta. Nura kuwa "babu komai" ya zo nema.

Ɗauki ƙirjin da ka ambata. Iskar da ke taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari, in kaɗan ce, alamarta wani siririn layi ne kamar gashi a can sama kusa da ƙashin wuya. Ko tarin fuka irin wanda ke watsuwa cikin huhu duka, ɗigo-ɗigo milimita 1 zuwa 3. Sunansa ma na likitanci daga kalmar gero aka samo shi a Latin, don kamar an watsa gero yake. To ita waya, Habu zai gaya maka, in ta ga ɗigo-ɗigo a wuri mai duhu me take yi?

Habu Mai Waya: Gogewa take yi, ta ɗauka dattin hoto ne. Shi ya sa fuska ke fitowa sumul a wayoyin yanzu. Kuma tana ƙara wa gefen abubuwa kaifi don hoto ya yi kyau.

Dakta Binta: To ka ji. Ta share geron gaske, ta zana layin da babu shi. A ɗaki mai duhu kuma wata wayar ita ke zuba nata geron a huhun mai lafiya.

Malam Isuhu: Na yarda da wannan a takarda. Amma a aikace in likita ya ce mini "ban ga komai ba a nan", ni na san ma'anarsa, ba zan sallami mai numfashi sama-sama ba saboda hoto. Majinyacin yana gabana, ina ganinsa.

Dakta Binta: Kai ka sani, saboda aikinka ne. Amma maganar ba a wurinka take tsayawa ba. A turo hoto, in ce ban ga komai ba, kafin ta isa kunnen mai jinya ta zama "likita ta ce lafiya lau". Sai a fasa komawa karɓar sakamako.

Malam Isuhu: Wannan matsalar isar da saƙo ce, ba ta hoto ba. Ni har yanzu ina ganin kuna tsaurarawa fiye da kima. Wani lokacin "kusan babu" ta fi "ban sani ba" amfani ga wanda zai sayar da akuya kafin ya hau mota.

Dakta Binta: A yatsan da ya bugu, wataƙila in bi ka. A kan dattijo mai jan ƙafa, a'a.

Habu Mai Waya: To ni ga dabara. Maimakon fim, Sani ya roƙi mai na'urar ya riƙa gangaro da yankan a kwamfuta, shi kuma ya ɗauki bidiyon allon. Ai duk yankan sun shigo ke nan.

Garba Eksire: Ya fi falle ɗaya, ban musa ba, ana yi ma in an matsu. Amma ka taɓa ɗaukar allon kwamfuta da waya ka ga wani zane yana yawo a kai kamar ruwan shadda? Ɗigon allo ne ke karo da ɗigon kyamara. Ga ƙyallin fitilar ɗaki, ga inuwar mai ɗauka. Wayar kuma tana ta sauya haske da kanta duk lokacin da yanka ya canza. Sannan windo ɗin dai wanda na saita ne, Dakta ba za ta iya taɓa shi daga can ba.

Dakta Binta: Kuma ba zan iya awo ba. A kwamfuta ina ɗora alama a kan wuri ta ce mini 35 ne ko 65, in ja layi ta ce milimita kaza. Masu tiyatar kai abin da za su fara tambaya ke nan: kaurin jinin nawa, layin tsakiya ya goce da milimita nawa. Kaurin da ya haura milimita 10, ko gocewar da ta haura 5, suna cikin abin da ke sa su yi tunanin shiga tiyata. A hoton Sani milimita 5 ba ta fi ɗigo biyar ba, kuma a karkace ya ɗauka, kan Baba ya zama kamar ƙwai. Haka a ƙirji: ana cewa zuciya ta yi girma in faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji, amma sai hoton da aka rubuta wa PA, wanda aka ɗauka a tsaye haske ya shigo ta baya. In AP ne, na kwance a gado, zuciya kan fito da girma ko lafiyarta ƙalau. Sau nawa ake turo mini hoto an yanke kusurwar da aka rubuta wannan, an ce wai zuciya ta kumbura.

Alhaji Tanko: To Garba, mu da ba mu da yadda za mu yi sai wayar, yaya za a ɗauka ya rage lalacewa?

Garba Eksire: Alhaji, abu na farko a nemi sidi ko a kai filash a zuba. Fayilolin da ke ciki DICOM ake kiransu, su ne lambobin nan da Dakta ta yi bayani, duka yankan, ba a taɓa su ba. Yawancin wuraren da ke da sitisikan suna iya bayarwa in an tambaya, mutane ne ba su san ana tambaya ba. In babu hali sai fim, a ɗora shi a kan akwatin hasken asibiti. A gida kuwa a buɗe farin shafi a allon kwamfuta, a ƙure haskensa, a ɗora fim a kai, a kashe fitilar ɗaki, a kashe filashin waya. A tabbata rubutun yana karantuwa daidai, ba a juye ba. A riƙe waya saitin fim sosai, ba daga gefe ba. A ɗauki fallen gaba ɗaya sau ɗaya, sannan a matso a bi hotunan bibbiyu, da harafin R ko L da ɗan ma'aunin da ke gefe. Sai a tura ta Document ɗin Habu. Kuma a haɗa da labarin majinyaci, don kun ga tambayoyin da Dakta ta fara yi kafin ta ce komai a kan hoton.

Wani abu kuma, Nura: sunan Baba da shekarunsa da lambar katinsa suna jikin fim ɗin, mu kuma a nan mun fi mutum ɗari biyu. Juyewar da ya yi ce ta rufa asiri. Gara ka goge shi, in za a sake a tura wa Dakta ita kaɗai.

Nura: Na goge, Malam Garba. Na kira Sani tun ɗazu, sun isa asibitin. Ashe falle biyu ne kamar yadda ka ce, ɗayan yana cikin ambulan bai ciro ba. Likitan da ke bakin aiki ya sa Baba ya ɗaga hannuwa biyu, ya ce na dama yana saki. Ya je ɗakin hoto da kansa, ya dawo ya ce a kwantar da shi, a dakata da asfirin, ya kuma kira masu tiyatar kai su zo su gani a kwamfuta. Bai ce mana ga abin da ya gani ba tukuna. Ni ma na kama hanya yanzu.

Dakta Binta: Madalla. Kada a ba shi abinci ko ruwa sai sun ce a ba shi, ko da za a shiga da shi. Allah ya kiyaye hanya, ka sanar da mu.

Malam Isuhu: Allah ya ba shi lafiya. Amma ku lura, labarin jan ƙafar ne ya kai shi, kuma ta wayar nan dai aka ji shi. Dakta, maganarmu ba ta ƙare ba, ina da hoton gwiwar hannun wani yaro da zan turo miki gefe.

Dakta Binta: Turo, amma da na gaba da na gefe duka, ka kuma faɗa mini shekarunsa. Gwiwar hannun yara ko a kwamfuta sai an natsu.

Nura: Sani ya ce sun yarda za su ba da sidin gobe da safe. Sai dai kwamfutarsa ba ta da wurin sa sidi.

Habu Mai Waya: Ya kawo shago ina da na waje, in juye masa a filash. Babban fayil ɗin gaba ɗaya zan kwafa ko, Malam Garba, ko in zaɓo hotunan?

Garba Eksire: Gaba ɗaya, har da wanda aka rubuta wa DICOMDIR. Kada ka mayar da komai JPEG.